Tunin imel da tebur da ɗan sikirif: yadda aikin ke tafiya

Litinin, 3 ga Maris 2025

Yau na zauna na ƙirga mutanen da na tura wa bayanin farashin aiki tun watan Janairu kuma ban sake ji daga gare su ba, sai na ga 47, a cikinsu waɗanda na koma na tuntuɓa ba su fi goma sha ɗaya ba. Sauran ba wai na ƙi ba ne, mantuwa ce kawai, sai in ce bari ya kwana uku in tuna masa, kafin in ankara sati uku sun wuce, kunya ma ta hana ni rubutawa. To shi ne na ce bari in gwada Google Sheets da Apps Script tunda suna haɗe da Gmail ɗina, ba sai na sayi wata manhaja ba.

Na buɗe tebur mai kolom goma, A zuwa J: yadda nake kiran mutum, imel ɗinsa, ka ne ko ki ko ku, sunan aikin, lambar zaren hirar, ranar saƙona na ƙarshe, sau nawa na yi tuni, ranar tuni na gaba, jimla ɗaya da zan rubuta da hannuna, sai matsayi. Kolom ɗin ranar tuni ba na cika shi, fomula ce:

```
=WORKDAY(F2, IF(G2=0, 3, 7))
```

Wato in ban taɓa tuni ba a ƙara ranakun aiki uku, in na taɓa sau ɗaya a ƙara bakwai. WORKDAY tana tsallake Asabar da Lahadi da kanta, wanda hutun makonsa ba waɗannan ranakun ba ne sai ya ɗauki WORKDAY.INTL. Tuni biyu ne iyaka. Bayan na biyu an rufe layin ke nan, mutum ya ga dama ya waiwayo ko kar ya waiwayo. Tsofaffin 47 ɗin nan ba zan sa su a sikirif ba, wanda ka yi wata biyu ba ku gaisa ba ai ba na'ura za ka aika masa ba, da hannu zan bi su.

Laraba, 5 ga Maris

Gwajin farko, duk zuwa wani tsohon adireshina na turo su, kuma gara da na yi hakan. Na rubuta saƙo guda mai guraben da sikirif zai cike, na sa layi biyar na ƙarya na danna. Da na buɗe na karanta wallahi ni kaina sai da na ji kamar saƙon banki. "Barka da warhaka. Muna tuntuɓar ka game da saƙonmu na baya. Muna fatan jin amsarka." Babu kuskure ko ɗaya a ciki, amma kuma babu alamar wanda ya rubuta ya san wanda yake rubuta wa. Layin da na bar kolom A ba komai kuwa sai ya fito da "Barka da warhaka ," da waƙafi yana reto shi kaɗai, irin abin da da gani ka san inji ne.

Sai matsalar da harshenmu ya zo da ita. Saƙo ɗaya ba zai yi wa kowa ba, don "na turo maka" da "na turo miki" ba ɗaya ba ne, kuma ba abin da ke tona asirin saƙon haɗa-kai-a-tura kamar a ce wa mace "ka duba". Na so in zille da "ku" ga kowa, amma wanda muka saba muna raha in na ce masa "ku duba" zai zaci fushi nake. Don haka kolom C ya zama dole, sikirif yana duba shi ya zaɓi ka, maka, naka ko ki, miki, naki ko ku, muku, naku. Kolom A ma ba sunan da ke jikin imel nake kwafowa ba, yadda nake kiran mutum da bakina nake rubutawa, wani Malam ne wata Dakta ce wani sunansa kawai.

Dokar da na kafa daga yau: in A ko C ko I babu komai, sikirif ya tsallake layin ya rubuta "cike" a matsayi. Ba wani cike gurbi da "Abokin hulɗa". Gara saƙo ya makara da ya tafi a haka.

Asabar, 8 ga Maris

Yinin yau duk a kan zare ya ƙare. Da farko `GmailApp.sendEmail` nake amfani da shi, wanda sabon saƙo yake buɗewa, mutum zai ga tuni ba tare da asalin maganar a ƙasa ba, sai ya koma yana laluben wane farashi ake nufi. Wasu suna manna "Re:" a gaban take don ya yi kama da amsa, ni ban ga amfanin wannan ba, yaudara ce ƙarama kuma mai lura zai gane. Abin da mutum yake yi in zai yi tuni shi ne ya buɗe tsohon saƙon ya rubuta a ƙarƙashinsa, to haka nake so sikirif ya yi.

Hanyar samun lambar zare ita ce saƙon farko ya fita ta `createDraft(...).send()`, don shi yana dawo da saƙon da aka tura, daga nan `getThread().getId()` sai in ajiye a kolom E. Wanda na riga na tura da hannu kuwa sai `GmailApp.search` ya nemo shi.

Inda na sha dariyar kaina: na sa `reply()` na tura gwaji, na jira a ɗaya adireshin shiru, ashe saƙon ni ya dawo wa. Laifina ne ban karanta bayanin ba, a rubuce yake cewa `reply()` wanda ya turo saƙon ƙarshe a zaren yake amsa wa, kuma a zaren da ba a amsa ba wa ya turo na ƙarshe in ba ni ba? Da ban yi gwaji ba da sai in yi wata guda ina yi wa kaina tuni ina cewa mutane ba su da kirki. `replyAll()` shi ne ke haɗawa da waɗanda aka tura wa. Na ma zaɓi `createDraftReplyAll()` tukuna, ya rubuta ya ajiye a diraf, ni in karanta in danna turawa. Sai na yarda da shi kafin in sakar masa mara.

Talata, 11 ga Maris

Na gane cewa turawa ita ce mafi sauƙi a aikin nan, layi ɗaya ce. Wahalar tana wajen sanin lokacin da ba za a tura ba. Saƙo ko ya kai zuma daɗi, in ya iske mutumin da ya riga ya amsa jiya yana tambayarsa ko ya ga saƙo, shi ke nan ya gane ba kai kake karantawa ba. Ga abin da na rubuta:

```javascript
function yaAmsa(id) {
  const ni = Session.getEffectiveUser().getEmail().toLowerCase();
  return GmailApp.getThreadById(id).getMessages()
    .some(m => !m.getFrom().toLowerCase().includes(ni));
}
```

Ma'anarsa in akwai ko saƙo ɗaya a zaren da ba daga ni ya fito ba, a ɗauka an amsa, a rubuta "ya amsa" a wuce. Mai turawa da adireshi fiye da ɗaya daga akwati guda sai ya lissafa su duka, in ba haka ba sikirif zai ɗauki saƙonsa na kansa a matsayin amsa.

Na kuma saita tiriga, wato abin da zai riƙa tayar da sikirif da kansa:

```javascript
ScriptApp.newTrigger('tuni').timeBased().everyDays(1).atHour(8).create();
```

Ba takwas cif yake tashi ba, wani lokaci ne tsakanin takwas da tara, kuma hakan bai dame ni ba. Amma kullum yake tashi har ranakun hutu, don haka na sa ya duba `getDay()` in 0 ne ko 6 ya koma barci. Wani abu da ya ci min kusan awa: teburin yana da nasa yankin lokaci a File > Settings, sikirif ma yana da nasa a `appsscript.json`, nawa ba su dace ba, sai layin da ranarsa gobe ya riƙa fitowa yau. Na daidaita su ya wuce.

Alhamis, 13 ga Maris

Diraf na gaske na farko, guda huɗu. Bari in ɗauki layi na 23 don shi ne zan riƙa bi in ga yadda abin zai kaya. Wata mata ce mai son a sake mata fasalin takardun tallar kamfaninta, mun yi waya ranar Juma'a ta ce tana so su kasance a hannu kafin wani taro da za su yi a ƙarshen Afrilu, na tura mata farashi Litinin 10 ga wata. Ranakun aiki uku suka kawo mu yau. A kolom I tun ranar Juma'ar, ina ajiye waya, na rubuta: "Kin ce taron naku ƙarshen Afrilu ne, in muka fara kafin 24 ga Maris za a gama har a samu sati guda na gyara." Ga yadda diraf ya fito:

"Dakta, barka da safiya. Kin ce taron naku ƙarshen Afrilu ne, in muka fara kafin 24 ga Maris za a gama har a samu sati guda na gyara. Cikin zaɓi biyun da na turo miki wanne ya fi kwanta miki, ko akwai abin da kike so in sauya?"

Jimla uku. Ta farko da ta ƙarshe na sikirif ne, ta tsakiya tawa ce, kuma ita ce ta ba saƙon dalilin zuwa. In ka cire ta abin da ya rage "ina amsata" ne kawai da aka sa wa riga. Na lura sirrin kolom I lokacin cika shi ne: a ranar da aka yi magana, sa'ad da abin da mutum ya faɗa yake sabo a kunne, minti ɗaya ya isa. In na bari sai ranar tuni, abin da ke zuwa min bai wuce "da fatan ana lafiya" ba.

Na ga wasu suna rubuta gaisuwa kala goma sikirif ya riƙa zaɓa da ka, wai don kar saƙonni su yi kama da juna. Na gwada na cire. Kowane mutum nasa saƙon kaɗai yake gani, bai san gaisuwar da aka yi wa wani ba, abin da zai lura da shi shi ne ko an tuna maganarsa.

Juma'a, 14 ga Maris

Kuskure biyu, duk nawa. Na farko, ina sa sikirif ya sabunta F da G da zarar ya ƙirƙiri diraf, alhali diraf ba turawa ba ce. Ɗaya daga huɗun jiya ban tura ba don ina so in sake tunani, amma tebur ya riga ya rubuta an yi tuni ɗaya. Yanzu matsayi "diraf" kawai yake sawa, washegari ya duba saƙonnin zaren ya tace da `isDraft()`, in ya ga sabon saƙona da ya fita da gaske sannan ya ɗauki ranarsa ya sa a F ya ƙara G.

Na biyu, na danna Run da hannu daidai lokacin da tiriga yake aiki, sai ga diraf bibbiyu. Da a ce turawa yake kai tsaye da mutum ya samu saƙo iri ɗaya sau biyu a minti guda. Na sa `LockService.getScriptLock()` a farko don kar biyu su gudu tare, kuma bayan kowane layi yana rubuta matsayi ya kira `SpreadsheetApp.flush()`, ba ya tara su sai ƙarshe. Dalili kuwa Apps Script minti shida yake ba kowane gudu, in ya yanke a tsakiya kuma ba a rubuta komai ba, gobe daga farko zai sake.

Talata, 18 ga Maris

Yau na ji kunya. Mutumin layi na 19 ya amsa min tun Juma'a, amma ba a cikin zaren ba, sabon saƙo ya buɗe da wani take daban yana cewa sun amince. Na gani na amsa masa ma, sai dai ban taɓa tebur ba. Da safe diraf ya fito, ina sauri na danna turawa ban duba suna da kyau ba. Amsarsa gajera ce: "Ai mun gama magana, ko ba kai ba ne?" Na ba shi haƙuri na gaya masa gaskiya cewa tsarin tunatarwa na haɗa kuma bai ga saƙonsa ba. Ya yi dariya, amma na san wani ba zai yi ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne diraf ɗin da nake taƙama da shi bai cece ni ba, don ido in ya saba ganin abu daidai sai ya daina karantawa. Gyara: bayan duba zare, sikirif yana kuma binciken akwatin gaba ɗaya da `from:` da adireshin mutum da `after:` da ranar saƙon farko. In adireshin na kamfani ne ina neman duk wanda ya rubuto daga wannan kamfanin, don sau da yawa wani abokin aikinsa ne zai amsa a madadinsa. Wannan ba ya yiwuwa da masu gmail.com, in ba haka ba rabin duniya ta amsa ke nan. Wanda ya kira a waya kuwa babu kod ɗin da zai sani, sai dai in buɗe tebur a wayata in rubuta "tsaya" kafin in yi wani abu.

Na kuma duba waɗanda ya rubuta wa "ya amsa" na tarar biyu ba amsa ba ce. Ɗaya daga mailer-daemon ne, adireshin na rubuta ba daidai ba saƙon bai ma isa ba. Tsayawar daidai ce amma sunan da aka ba ta ba daidai ba, yanzu "bai isa ba" yake rubutawa ya shafa wa layin ja. Ɗayan kuwa saƙon nan ne na ba na ofis sai ranar kaza. Irinsu da yawa suna ɗauke da alama a kai, `getHeader('Auto-Submitted')` yakan dawo da `auto-replied`, amma ba duka ke sawa ba. Ban yi ƙoƙarin sa sikirif ya karanto ranar dawowa daga cikin rubutun ba, kowa da yadda yake rubuta tasa, "duba" kawai yake sawa ni in gyara ranar da hannu.

Litinin, 24 ga Maris

Layi na 23 bai motsa ba, ranakun aiki bakwai daga 13 ga wata sun cika yau, tuni na ƙarshe. Nan ma na kusa yin wauta, don kolom I har yanzu tsohuwar jimlar ce a ciki, da sai ta sake karanta "in muka fara kafin 24 ga Maris" a ranar 24 ga Maris. Yanzu da zarar tuni ya fita sikirif yana goge I, dole in rubuta sabuwa ko layin ya tsaya a "cike".

Saƙon ƙarshe na daɗe ina juya shi. Ba na son irin na "wannan ce damarki ta ƙarshe", ba kuma na son na marairaicewa. Abin da na tsaya a kai: na ce mata har yanzu ana iya kammalawa kafin taron in an taƙaita gyara zuwa zagaye ɗaya, sannan "in kuma an fasa ko an ba wani ba komai, kalma ɗaya ta isa, daga wannan ba zan sake damun ki a kai ba." Da yamma ta amsa, ta ce an ɗage taron zuwa Yuni, in tuntuɓe ta farkon Mayu. Na rubuta 5 ga Mayu a H a kan fomular, na rubuta jimlar Mayun tun yanzu, amma da hannu zan tura don sikirif zai ga ta riga ta amsa a zaren ya tsallake layin.

Laraba, 2 ga Afrilu

Wani ya ce min a sifam ya tsinci saƙona, shi ne na zauna na duba wannan ɓangaren. Na tura wa kaina gwaji na buɗe Show original a Gmail, a nan ake ganin SPF da DKIM da DMARC, masu tabbatar da cewa saƙo ba na bogi ba ne, kowanne ko PASS ko akasin haka. Mai turawa da adireshin gmail.com ba shi da abin saitawa a nan, mai adireshin kamfaninsa ne zai tabbatar an sa su a DNS. Nawa lafiya lau suke, don haka na koma kan jikin saƙon, na cire hoton tambari da linki uku da ke cikin sa hannuna, na bar suna da layi ɗaya. Ba zan rantse su ne sanadi ba, amma tuni mai jimla uku da jelar talla ta fi shi tsawo ko a ido bai yi kyau ba.

Ƙa'idojin da Google da Yahoo suka fara aiki da su a Fabrairun 2024 sun fi tsanani kan masu tura saƙo da yawa, a lissafin Google 5,000 zuwa sama a rana, ni ko kusa ban kai ba. Amma akwai adadi ɗaya a ciki da ya tsaya min a rai, cewa ƙorafin sifam kar ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, wato mutum uku cikin dubu. Wannan ya nuna yadda danna maɓallin nan yake da nauyi, kuma mutum yakan danna shi ne in bai san ka ba ko ya gaji da kai. Shi ya sa teburin nan ba ya ɗaukar kowa sai wanda shi ya fara neman farashi. Iyakar Apps Script kanta mutum 100 ne a rana ga asusun kyauta, 1,500 ga Workspace, `MailApp.getRemainingDailyQuota()` yana nuna saura, ni na sa tawa iyakar a goma, fiye da haka ba zan iya amsa su da kyau ba in duk suka dawo rana guda.

Batun ɗan hoton ɓoye mai nuna an buɗe saƙo ma na ajiye shi. Tun 2021 manhajar Mail ta Apple tana iya sauke hotunan da kanta ko mutum bai buɗe ba, to lissafin ba abin dogaro ba ne, kuma ko da daidai ne me zan yi da shi, in ce wa mutum na ga ka buɗe ba ka amsa ba?

Laraba, 9 ga Afrilu

Sati uku ke nan ba a sake irin ta layi na 19 ba. Daga yau tuni na farko yana fita da kansa, amma sai in A da C da I a cike suke, binciken zare da na akwati duk sun dawo babu komai, kuma matsayi ba "tsaya" ko "duba" ba ne. Na sa `Utilities.sleep` na daƙiƙa talatin tsakanin saƙo da saƙo, goma ba za su kai minti shida ba. Tuni na biyu yana nan a diraf, shi ne mai rufe magana, ina so idona ya gan shi.

Na ƙara abu ɗaya: ƙarfe bakwai yana turo min jerin waɗanda zai rubuta wa da jimlar kowa, ina da awa guda in tsayar da wanda na ga dama. Yau mutum uku ne a jerin, na tsayar da ɗaya don mun haɗu jiya ya ce sai bayan sun yi zama. Abin da ya rage ban warware ba shi ne ranakun hutun da ba na ƙarshen mako ba, WORKDAY tana karɓar jerinsu a gurbi na uku, zan buɗe musu wani shafi a teburin gobe in shigar da na Afrilu da Mayu.